Kamfani Biyu, Kaya Ɗaya: Me Ya Sa Gasar Farashi Ke Cinye Ribar Kowa?

Idan ka tambayi mutane goma abin da ke sa kaya su yi araha, tara za su ce maka sai masu sayarwa sun yi yawa. A ganinsu, in kamfani biyu ne kaɗai ke riƙe da kasuwa, to mai saye ya shiga uku, domin za su raba mu ne kawai su yi ta tatsa. Wannan tunani yana da hujja, kuma sau da yawa haka abin yake kasancewa. Amma a ilimin tattalin arziki akwai wani sakamako mai ban mamaki da ya saɓa masa. Idan kamfanoni biyu suna sayar da kaya iri ɗaya sak, kuɗin da suke kashewa wajen samar da shi daidai yake, kuma kowanne yana yanke farashinsa ba tare da haɗa baki da ɗayan ba, farashin zai yi ta sauka har ya tsaya a kan abin da ake kashewa wajen samar da kayan. Ba na uku ake jira ba, ba na goma ba. Biyun nan sun isa.

Sanin dalilin haka yana da amfani ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya, domin wanda ya gane abin da ke tura farashi ƙasa shi ne zai gane abin da ke tokare shi idan ya ƙi sauka.

Inda maganar ta samo asali

A shekarar 1838 wani masanin lissafi Bafaranshe, Antoine Augustin Cournot, ya wallafa littafi a kan yadda za a yi amfani da lissafi wajen fahimtar dukiya da ciniki. A ciki ya kawo misalin mutum biyu, kowanne da maɓuɓɓugar ruwa ta kansa, ruwan iri ɗaya, suna sayarwa a kasuwa guda. A tsarin Cournot, abin da kowannensu yake yankewa shi ne yawan ruwan da zai kai kasuwa, sannan kasuwa ta tsayar da farashi gwargwadon abin da aka kawo. Sakamakon da ya samu ya yi daidai da abin da hankali ke zato: farashin ya fi na mai sayarwa ɗaya tilo sauƙi, amma har yanzu da sauran riba mai tsoka ga su biyun.

Bayan shekara 45, a 1883, lokacin Cournot ya riga ya mutu, wani masanin lissafin Faransa mai suna Joseph Bertrand ya yi sharhin littafin a mujallar Journal des Savants. Ƙorafinsa mai sauƙi ne. Ɗan kasuwa ba yawan kaya yake zaɓa ya bar farashi ga kasuwa ba, farashi yake sawa. In kuwa haka ne, me zai hana ɗaya daga cikin masu ruwan nan ya rage ɗan abu kaɗan ya kwashe masu saye duka? Ɗayan ma me zai hana shi ramawa? Masanan da suka zo daga baya ne suka tsara wannan ƙorafi ya zama cikakken nazari, amma sunan Bertrand aka laƙaba masa, kuma da shi ake karantar da shi a jami'o'i har gobe.

Wane kuɗi ake nufi?

Kafin a shiga lissafi, dole a rarrabe kuɗi iri biyu da kowace sana'a ke ci. A ɗauki masana'antar ruwan leda. Akwai kuɗin da mai ita zai biya ko ya yi jaka ɗaya ko ya yi dubu: hayar gini, kuɗin haƙa rijiyar burtsatse, injin tacewa da na liƙe leda, albashin maigadi. Waɗannan ba su san yawan ciniki ba. Akwai kuma kuɗin da ke tafiya da kowace jaka: ledar da aka zuba ruwan a ciki, man janareta ko wutar da injin ya sha, ladan yaran da suka ɗura suka loda, da kuɗin kai wa mai shago. In ba a yi jakar ba, ba a kashe wannan kuɗin ba.

Wannan na biyun, wato abin da ƙarin jaka guda ɗaya ke ci, shi ne ma'aunin da za mu yi ta komawa kansa. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da mai masana'anta yake tunanin ko ya karɓi wani ciniki ko ya bar shi, da wannan kuɗin yake auna shi. Idan jaka tana cin ₦200 aka taya ₦230, karɓa ta fi ƙi, domin ₦30 ɗin nan ƙari ne a aljihunsa, hayar gini kuwa ko ya karɓa ko ya ƙi tana nan tana jiransa. Idan aka taya ₦190, kowace jakar da ya sayar asarar ₦10 ce, gara injin ya huta.

A ƙaddara gari ɗaya, masana'anta biyu

A ƙaddara wani gari mai masana'antar ruwan leda guda biyu, ɗaya a gabas da titi, ɗaya a yamma. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili. Ruwansu ɗaya ne a ɗanɗano da tsabta da girman leda, ba wanda zai rufe ido ya bambance su. Kowace jaka tana cin ₦200 a wurin kowannensu. Kowanne yana da injin da zai iya wadatar da garin kaf shi kaɗai. Masu shaguna sun san farashin kowa, kuma wurin mai araha suke zuwa ko da bambancin naira ɗaya ne. In farashi ya zo ɗaya, sai ciniki ya rabu biyu daidai.

Buƙatar garin kuma ga yadda take: a kan ₦200 ana sayen jaka 600 a rana, kuma duk ƙarin ₦10 a farashi yana rage jaka 20. Ke nan a ₦300 jaka 400 ake saye, a ₦350 jaka 300.

Da mutum ɗaya ne ke da masana'antun biyu, a ₦350 zai tsayar da farashi, domin a nan ribarsa ta fi yawa: ₦150 a kan kowace jaka, sau 300, ya tashi ₦45,000 a rana. To bari mu fara daga nan. A ce na gabas da na yamma duk suna sayarwa a ₦350. Kowanne na sayar da jaka 150, yana tashi da ₦22,500.

Yanzu shiga zuciyar na gabas da daddare yana lissafi. Idan gobe ya sauke zuwa ₦340, ribar kowace jaka za ta ragu daga ₦150 zuwa ₦140. Amma duk masu shagunan garin za su dawo wurinsa, kuma da yake kaya sun ɗan yi sauƙi, jaka 320 za a saya. Jaka 320 sau ₦140 ya ba da ₦44,800. Ya sadaukar da ₦10 a kan kowace jaka, ribarsa ta kusa ninkawa. Wane ɗan kasuwa ne zai ga wannan ya kau da kai?

Washegari na yamma ya buɗe ƙofa, ba motar da ta tsaya. Bai sayar da ko jaka ɗaya ba. Hanya biyu ke gabansa. Ko ya daidaita da ₦340 su raba jaka 320, ya samu ₦22,400, ko ya sauka ₦330 ya kwashe jaka 340 duka a kan ribar ₦130, ya samu ₦44,200. Lissafin da ya ja maƙwabcinsa jiya shi ne zai ja shi yau.

A nan asirin al'amarin yake. Abin da mai ragewa ke rasawa ɗan kaɗan ne, abin da yake samu kuwa rabin kasuwa ne sukutum. Muddin akwai tazara tsakanin farashi da kuɗin jaka, cin kasuwa duka a kan riba ƙasa kaɗan ya fi cin rabinta a kan riba sama kaɗan.

Mutum zai iya cewa ai in riba ta yi ƙanƙanta za su gaji su tsaya. Mu duba. A ₦220, garin na sayen jaka 560, kowanne 280, ribar ₦20, wato ₦5,600. Wanda ya sauka ₦210 zai sayar da jaka 580 a kan ribar ₦10, ya samu ₦5,800. Har yanzu ragewa ta fi. A ₦210, in sun raba, kowanne ₦2,900 yake samu. Idan ba a iya rage ƙasa da ₦10 a lokaci guda saboda matsalar canji, to a nan za su iya tsayawa, domin mataki na gaba shi ne ₦200 inda babu riba sam. Amma in ana biya ta tiransifa, inda naira ɗaya ma tana da wurin zama, na gabas zai sa ₦209, ya sayar da jaka 582 a kan ribar ₦9, ya tashi da ₦5,238, wanda ya ɗara ₦2,900 nesa ba kusa ba. Haka za a yi ta gangarawa. Iya ƙanƙantar matakin ragewa, iya kusantar farashi ga ₦200.

Me ya sa a nan ake tsayawa?

A ce yanzu duka biyun suna kan ₦200. Ana sayen jaka 600, kowanne 300, ba riba ba faɗuwa a kan jaka. Na gabas ya sake zama yin lissafi. In ya sauka ₦190, garin duka zai zo wurinsa, jaka 620, amma kowacce da asarar ₦10, ya tashi da faɗuwar ₦6,200 a rana. In ya hau ₦210, ba wanda zai leƙo shi, domin ga na yamma can yana ba da ita ₦200 kuma injinsa na iya wadatar da kowa. Sama ba riba, ƙasa asara. Na yamma ma haka lissafinsa zai nuna masa. Tunda ba wanda zai ƙaru da motsawa shi kaɗai, farashin ya samu mazauni.

Irin wannan matsaya, inda kowa ya yi abin da ya fi masa bisa la'akari da abin da ɗayan ke yi, ita ce aka san ta da sunan masanin lissafin Amurka John Nash, wanda ya fayyace ta a farkon shekarun 1950. Kuma ba sai an bi gangaren mataki-mataki kafin a isa wurin ba. Ɗan kasuwar da ya san abokin gasarsa ma yana da hankali zai hango ƙarshen tun daga farko, ya san duk farashin da ya ɗara ₦200 gayyata ce ga ɗayan ya shigo ta ƙarƙashinsa.

Abin lura shi ne babu mugu a cikin labarin. Ba wanda ya yi niyyar karya ɗan'uwansa, ba wanda ya yi wauta. Kowanne ya yi lissafi mai kyau don amfanin kansa, sakamakon kuma ya zama ribar ₦45,000 da za su iya rabawa ta narke. Ba ɓacewa ta yi ba, ta koma hannun masu saye: waɗanda ke biyan ₦350 yanzu ₦200 suke biya, kuma jaka 300 da tsada ta hana a saya a da yanzu ana shan su. Don kwatanci, da su biyun nan sun bi tsarin Cournot, kowanne ya yanke yawan da zai yi, da kowanne jaka 200 zai fitar, farashi ya tsaya a ₦300, ribar kowa ₦20,000. Kasuwa ɗaya, kuɗin samarwa ɗaya, amma abin da ake gasa a kansa, yawa ko farashi, ya sauya sakamakon gaba ɗaya.

To me ya sa ba haka muke gani ba?

Duk wanda ke zuwa kasuwa ya san kamfanoni biyu da ke riƙe da kaya ba kasafai suke zama babu riba ba. Masana ma sun san haka, shi ya sa suke kiran sakamakon Bertrand abin ɗaure kai. Amfaninsa ba wai ya zana kasuwa yadda take ba ne. Amfaninsa shi ne ya jera sharuɗɗan da in sun cika farashi zai faɗo, ta yadda in bai faɗo ba za a san wane sharaɗi ne ya karye. Guda huɗu ne suka fi muhimmanci.

Na farko, ƙarfin samarwa. Mun ƙaddara cewa kowane inji zai iya wadatar da garin shi kaɗai. A 1897 masanin tattalin arziki Francis Edgeworth ya nuna abin da ke faruwa in ba haka ba ne. A ce kowanne jaka 300 kawai yake iya yi a rana. Suna kan ₦200, sai na gabas ya lura cewa ko ya ƙara kuɗi, na yamma ba zai iya ɗaukar kowa ba. Ya hau ₦275. A wannan farashi garin na son jaka 450. Na yamma ya sayar da 300 ɗinsa kafin azahar kaya suka ƙare, sauran 150 dole su zo gabas. Ribar ₦75 sau 150, ₦11,250 ke nan, maimakon babu. Na yamma da ya ga haka shi ma zai hau, ya tsaya ƙasa kaɗan da na gabas, a ce ₦270, ya sayar da 300 ɗinsa duka. Daga nan ragewa ta sake farawa, a gangara, har wani ya ga gara ya sake tsalle sama. Farashi ba ya samun mazauni, sai hawa da sauka. Ana ganin zagaye mai kama da wannan a gidajen mai na manyan biranen Ostireliya irin su Perth, inda kuɗin fetur ke tashi a rana guda sannan ya yi ta zamewa a hankali kafin ya sake tashi. In kuwa injinan sun fi haka ƙanƙanta, a ce jaka 200 kowanne, farashi zai zauna daram a ₦300, domin ragewa ba ta da amfani ga wanda ya riga ya sayar da duk abin da yake iya yi. Wannan shi ne farashin Cournot, kuma a 1983 David Kreps da José Scheinkman sun nuna cewa in kamfanoni suka fara zaɓen girman injinsu kafin su yi gasar farashi, to a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa can wurin Cournot ake komawa.

Na biyu, bambancin kaya. Mun ce naira ɗaya ta isa ta kwashe masu saye duka. A zahiri mai shagon da ke yamma da titi ba zai tura yaro da baro ya tsallaka gabas don ₦5 ba. Wani ya saba da wanda ke ba shi bashi zuwa yamma, wani ya yarda da tsabtar wannan fiye da ta wancan. Harold Hotelling ya yi nazarin wannan a 1929, ya nuna cewa nisa kaɗai ya isa ya bar wa kowane mai sayarwa 'yan cinikinsa da ƙaramin ragi ba zai janye su ba. Da zarar ragin ₦10 ya daina kawo rabin kasuwa, ya koma kawo mutum biyar ko shida, kwaɗayin ragewa ya mutu. Wannan ne dalilin da kamfanoni ke zuba maƙudan kuɗi a talla, da tambari, da kalar leda. Suna ƙoƙarin kada a ɗauki kayansu daidai da na maƙwabci ne, domin sun san abin da ke jiransu in aka ɗauka.

Na uku, gobe. Lissafin na gabas na daren farko rana ɗaya kawai ya duba. Amma su biyun nan za su wayi gari a titi ɗaya shekara da shekaru. In ya tsaya a ₦350, kullum yana da ₦22,500. In ya rage, zai ci ₦44,800 rana guda, sannan yaƙi ya ɓarke riba ta tafi. Kwana biyu kacal na zaman lafiya sun ba da ₦45,000, sun riga sun wuce abin da ha'incin zai kawo. Mai hangen nesa zai zauna a ₦350 ko da ba su taɓa zama sun yi magana ba. Tsoron ramuwa ne ke riƙe farashin. Irin wannan zama ya fi ɗorewa in masu sayarwa kaɗan ne, suna ganin farashin juna, kuma suna iya mayar da martani nan take. Yana rushewa idan ana iya yin ragi a ɓoye, ko wani ya shiga matsin bashi yana neman kuɗi yau, ko baƙo ya shigo kasuwar.

Na huɗu, kuɗin da ba ya tafiya da jaka. A ce haya da albashi da biyan bashin inji suna cin ₦10,000 a rana. A ₦200 kowanne yana asarar wannan dubu gomar kullum. Ba mai jure haka har abada. Ko ɗaya ya rufe, ko ya sayar wa ɗayan, ko kuma, abin da ya fi faruwa, na biyun ya hango haka tun farko ya ƙi shigowa. A nan akwai darasi mai ɗaci: gasa mai tsananin zafi tana iya hana gasar kanta haihuwa, a bar gari da mai sayarwa ɗaya yana cin ₦350.

Sharaɗin daidaiton kuɗi ma yana da nasa labarin a taƙaice. In na gabas ya sa sola kuɗin jakarsa ya sauko ₦180, ba sai ya sauke farashi zuwa ₦180 ba. Ya isa ya tsaya ƙasa kaɗan da inda na yamma ba zai iya bi ba, a ce ₦195. Zai sayar da jaka 610 a kan ribar ₦15, ya samu ₦9,150, na yamma kuwa ya zauna. A gasar farashi, riba ba ta zuwa daga wayon sa kuɗi, daga rage abin da ake kashewa take zuwa.

Wani abu da muka gani da idonmu

Tarihin wayar salula a Najeriya ya nuna sharuɗɗan nan suna aiki. A 2001 MTN da Econet suka fara aiki, kamfanoni biyu masu sayar da abu kusan iri ɗaya, kuma ƙarin minti ɗaya na kira ba ya cin kamfani wani abin kirki matuƙar akwai sarari a kan turakunsa. Duk da haka layi ya yi tsada, kira ya yi tsada, kuma da minti ake caji ko da daƙiƙa goma mutum ya yi. Dalili a bayyane yake. Masu neman layi sun fi ƙarfin turakun da aka kafa, don haka ba kamfanin da zai iya ɗaukar kasuwa duka ko da ya rage. An kashe dukiya mai yawa wajen lasisi da kayan aiki da ake son mayarwa. Sannan barin kamfani yana nufin rasa lambar da kowa ya san ka da ita. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi sahu, kuma da turaku suka yawaita kuɗin layi ya yi ta faɗuwa. A 2013 aka fara ba mutum damar sauya kamfani da lambarsa, wanda ya rage wani shingen. Duk lokacin da aka cire ɗaya daga cikin abubuwan da ke tokare gasa, farashi ya matsa kusa da inda Bertrand ya nuna.

Yadda za a gane wace kasuwa ake ciki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga gidajen mai biyu ko kamfanoni biyu da farashi ɗaya a ce sun haɗa baki. Misalinmu ya nuna wannan ba hujja ba ce. A ₦350 farashinsu ɗaya ne, a ₦200 ma ɗaya ne. Haɗin baki da gasa mafi zafi duk suna haifar da farashi iri ɗaya. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin farashin da kuɗin ƙarin kaya ɗaya, da kuma yadda farashin ke motsi. Idan kuɗin leda ko na man janareta ya sauka, shin farashin jaka ya biyo shi cikin 'yan kwanaki, ko ya maƙale a sama? Shin injina na zaune rabin yini ba aiki alhali riba a kan kowace jaka tana da kauri, amma ba wanda ya yi yunƙurin ragewa? Shin wanda ya rage yana fuskantar tara ko barazana daga ƙungiyar masu sana'ar? Waɗannan su ne alamun da ke nuna an ɗaure gasa. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta yarjejeniyar ƙayyade farashi tsakanin masu gasa, kuma hukumar FCCPC ce ke da alhakin bin sawu.

Ga mai saye, abin da lissafin nan ke koyarwa shi ne ƙarfinsa yana cikin sanin farashi da kuma shirin tashi daga wurin wannan zuwa wurin wancan. Ragin ₦10 na na gabas ya yi aiki ne kawai don masu shaguna sun ji labari kuma sun tafi. Mai sayen da ba ya tambaya, ba ya kwatantawa, shi ke ba mai sayarwa damar zama a sama. Ga mai shirin zuba jari kuma, gargaɗin a fili yake: kafin ka kafa sana'a a gefen wanda ke yin irinta sak, tambayi kanka abin da zai hana shi rage maka ₦10, da abin da za ka yi in ya rage. In amsar ita ce kai ma ka rage, to ribar da ka gani a hannunsa ta jawo ka ba za ta kai wata guda bayan zuwanka ba. Sai ka zo da kuɗin samarwa da ya fi nasa sauƙi, ko kaya da hidimar da ta bambanta da tasa.

Ga hukuma kuwa, ƙirga yawan kamfanoni bai wadatar ba. Kamfani goma da ke zama a ɗaki ɗaya su yanke farashi sun fi biyu masu gasar gaskiya cutar da talaka. Aikin da ya kamata a sa gaba shi ne a sa farashi ya zama a bayyane ga mai saye, a sauƙaƙa masa sauya wurin saye, a buɗe hanya ga sabon mai shigowa da ƙarin ƙarfin samarwa, a kuma hukunta masu haɗa baki. In an yi waɗannan, masu sayarwa da kansu za su sauke farashin, domin lissafin ribarsu ne zai tilasta musu.